Gidan hayar kwanaki: dokokin da ke hana rigima tsakanin mai gida da baƙo

A Abuja da Kano da Kaduna, gidajen da ake bayarwa haya na 'yan kwanaki da kayansu a ciki, waɗanda ake kira shotlet, sun zama masaukin 'yan biki da masu jinya da 'yan kasuwa. Baƙo zai tarar da gado da kujeru da kicin, ya yi kwana uku ko mako guda ya kama gabansa. Sai dai yawancin saɓanin da ke tashi a wannan sana'a a ranar fita yake tashi: mai gida ya ce an yi masa ɓarna, baƙo ya ce ba wanda ya gaya masa. Maganin wannan shi ne a rubuta doka a fili, baƙo ya gan ta tun kafin ya biya, kuma kowace doka ta faɗi iyaka da abin da zai biyo baya idan an ƙetare ta.

Mu ɗauki misalin gida mai ɗaki biyu da falo, ana bayar da shi naira 60,000 a kwana, kuma wani ya kama shi kwana huɗu domin 'yan uwansa da za su zo ɗaurin aure.

Abu na farko shi ne yawan mutane. Idan mai gida ya rubuta "kada a cika gida da jama'a", bai faɗi komai ba, domin a wurin mai biki mutum goma sha biyar ba cunkoso ba ne. Abin da ya kamata ya rubuta shi ne: mutum huɗu ne za su kwana, masu ziyara kada su wuce shida a lokaci guda, kuma su tafi kafin ƙarfe goma na dare. Ya ambaci taron da ba ya so da sunansa, kamar kamu, sa lalle, walima ko kiɗan dije. Dalilin ba rowa ba ne. Tankin ruwan da zai ishi mutum huɗu kwana biyu zai ƙare kafin azahar idan mutum ashirin suna wanka da alwala, kuma maƙwabcin da aka tare masa ƙofa da motoci, da mai gida zai yi faɗa bayan baƙi sun tafi. Hatta kamfanin Airbnb ya haramta shirya fati a gidajen da ke dandalinsa tun daga 2022. Haka kuma, wanda ya kama gidan ya bayar da katin shaida, na ɗan ƙasa ko lasisin tuƙi ko fasfo, tare da sunayen masu kwana, a ba maigadi jerin. Idan mai gida ba ya karɓar mace da namiji da ba ma'aurata ba, ya faɗa tun a saƙon farko, kada a bari sai an zo bakin get a kunyata mutane.

Abu na biyu, wanda ya fi cinye riba, shi ne wuta. Esi mai ƙarfin doki ɗaya da rabi tana cin kimanin yunit ɗaya da 'yan kai a awa guda. Gidan namu yana da guda uku. Idan an kunna su awa goma a rana, za su ci wajen yunit 36. Idan kuwa baƙi sun bar su a kunne dare da rana a tsakiyar bazara, har lokacin da suka fita wurin biki, cin zai iya haura yunit 80. Ga gidan da ke rukunin Band A, inda aka ƙara farashi a watan Afrilun 2024 har yunit ɗaya ya haura naira 200, wannan ya zarce naira 16,000 a rana, wato fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin kwana. Rubuta "a yi tattalin wuta" ba zai hana wannan ba. Abin da ke aiki shi ne a ce kuɗin haya ya haɗa da yunit 40 a kowace rana, abin da ya ƙaru baƙo ne zai biya, sannan a ɗauki hoton mita a gabansa ranar shiga da ranar fita.

A nan ne kuma za a bayyana abin da ake yi idan an ɗauke wuta. Inbata a yawancin gidaje tana ɗaukar fitilu da fanka da talabijin ne, wani lokaci da firji. Idan aka jona mata dutsen guga ko hitar ruwa, sai ta fara ƙara ta mutu, batiran kuma su raunana da wuri. A manna ƙaramar takarda kusa da kowane soket da bai kamata a yi guga a kansa ba. A rubuta sa'o'in da ake tayar da janareta da wanda ke tayar da shi. Doka ɗaya kuma ba ta da sassauci: ba a matsar da janareta cikin gida ko baranda ko kusa da taga, domin hayaƙinsa na ɗauke da iskar guba marar wari da ke kashe mutane cikin barci.

Abu na uku shi ne kuɗin ajiya, wanda ake riƙewa saboda ɓarna. A misalinmu a ce naira 30,000 ne. Wannan kuɗi amana ne, don haka dole baƙo ya san me ke sa a cire wani abu daga ciki da kuma ranar da za a mayar masa. Mai gida ya ware tsufan kaya daga ɓarna: kwan fitila da ya mutu ko famfo mai ɗiga nauyinsa ne shi. Amma jan lalle a kan farin zanin gado, wanda wanki ba ya fitarwa, ko ramin da garwashin turaren wuta ya huda a kafet, waɗannan na baƙo ne, kuma a rubuta farashin kowanne tun farko. Hana turaren wuta gaba ɗaya a gidan da matan Hausawa za su sauka doka ce da za a karya. Gara a ajiye kasko na lantarki, a ce a yi amfani da shi a kan tayil, nesa da labule. Taba da shisha kuwa a ce a waje kawai, saboda warinsu na kama katifa da labule har baƙo na gaba ya ji.

Ranar shiga, mai kula da gida ya zagaya da baƙo, su ɗauki bidiyo na minti biyu, su ƙirga tawul da faranti da rimot. Ranar fita a maimaita. Idan an tsayar da shiga ƙarfe biyu na rana, fita ƙarfe goma sha biyu, awa biyun nan na shara da canjin zanin gado ne, kuma a faɗi abin da mai jinkiri zai biya.

Shi ma mai gida doka ta hau kansa. Ba zai shiga ba tare da sallama da izini ba, ko da yana da makulli. Ba kyamara a cikin ɗaki ko falo, ta bakin get kuma a sanar da baƙo akwai ta. Ya bar lambar da za a kira idan ruwa ya ƙare ko an ji warin gas, kuma ya mayar da kuɗin ajiya cikin sa'o'i 24 tare da hoton duk abin da ya cire kuɗinsa.

Duk waɗannan su tsaya a shafi guda, da Hausa da Turanci, cikin ladabin mai masauki. A tura ta WhatsApp kafin a bayar da lambar asusu, a jira baƙo ya amsa da "na gani, na yarda", sannan a manna kwafi a bayan ƙofa. Baƙon da dokokin ba su yi masa ba zai nemi wani gida tun kuɗinsa na aljihunsa, wanda ya yarda kuma zai shigo ya san matsayinsa.