Lissafin Baba Ijebu a Kan Allo

A unguwanni irin Agege da ke Legas, inda Hausawa suka daɗe da zama, da wuya ka yi tafiya mai nisa ba ka ga rumfar Baba Ijebu ba, wato cacar lambobi ta kamfanin Premier Lotto. Wasu matasa har "jari" suke kiran kuɗin da suke zubawa a ciki. Wannan ne ya sa wani malamin lissafi na sakandare ya ware darasi guda ya yi wa ɗalibansa bayani da alli.

Hukuncin caca a addini kowa ya sani, in ji shi, don haka ya bar wa malamai wannan, ya kama lissafi.

Wasan da aka fi bugawa shi ne na lamba biyu. Za ka zaɓi biyu daga 1 zuwa 90, na'ura ta fitar da biyar. Idan naka biyun suna ciki, a ninka maka kuɗinka sau 240, wato naira 100 ta zama 24,000. Nan idon yara ya buɗe.

Sai ya ce, "To samari, mu ƙirga." Hanyoyin haɗa lamba biyu daga cikin 90 sun kai 4,005, amma lambobi biyar da suka fito haɗi goma kawai suke bayarwa. A ɗauka mutum 4,005 kowa ya sayi haɗi daban a kan naira 100. An tara 400,500. Mutum goma sun ci, an raba musu 240,000. Ragowar 160,500 ba ta komawa hannun 'yan wasa. Daga ciki ake sallamar ejan, a biya haraji, kamfani ya ɗauki ribarsa. Ke nan duk naira 100 da aka zuba, kusan 60 ce ke dawowa. Ba maguɗi ba ne, haka aka gina wasan.

Wanda ya sayi tunkiya ko hannun jari yana iya faɗuwa, amma yana riƙe da abin da ke haihuwa ko kawo riba, kuma daɗewa na taimakonsa. Tikiti kuwa da an fitar da lambobi ya zama takarda, kuma yawan bugawa asara yake ƙara tabbatarwa. Mai zuba naira 100 kullum zai kashe 36,500 a shekara, kuma cikin irinsa goma, kusan huɗu ba za su ci ko sau ɗaya ba.

Wani ɗalibi ya kawo zancen masu nazarin tsofaffin lambobi suna sayar da "tabbatacciya". Malam ya ce na'ura ba ta tuna jiya. Ni kuma na ce, mai lamba tabbatacciya me zai sa ya sayar?

Abin da ake saya, a cewarsa, zumuɗin jira ne kawai, kamar kuɗin shiga gidan kallon ƙwallo: ka biya, ka ji daɗi, ba ka jiran a mayar maka. Ya ce su lura da ranar da mutum ya fara ƙara kuɗi don ya fanshe na jiya, ko ya ci bashi, ko ya taɓa kuɗin jarrabawa.