Daga Ƙera Zuwa Maƙera: Yadda Kalma Ɗaya Ke Haifar Da Goma

A cikin mazaɓun ƙaramar hukumar Chanchaga, wadda ta ƙunshi tsakiyar garin Minna, akwai wadda ake kira Maƙera, akwai kuma Limawa. Duk sunayen biyu ƙerarru ne. Limawa daga liman ta fito, aka ɗafa mata -awa a ƙeya, kamar yadda ake cewa Kanawa ko Nufawa. Maƙera kuwa daga aikatau ƙera take, kuma ita za mu bi a yau, domin ta ishe mu ganin yadda Hausa ke ƙirƙirar kalmomi.

Malaman harshe suna kiran ɓangaren kalma da ba ya motsi saiwa. A nan saiwar ita ce ƙer-. Abin da aka liƙa mata a gaba shi ne ɗafa-goshi, wanda aka liƙa a baya kuma ɗafa-ƙeya.

Mu fara da baya. Idan ka ce ya ƙera fartanya, magana ta tsaya nan. Sauya wasalin ƙarshe ka ce ya ƙero fartanya, sai ma'ana ta ƙaru: ya yi aikin a can, ya zo da ita nan. Ya ƙere ƙarfen, wato bai bar komai ba. Fartanya ta ƙeru, wato aiki ya yi kyau. Wasali ɗaya tak ke ɗauke da wannan bambanci duka. Idan kuma siffa ake so, sai a maimaita baƙin ƙarshe na saiwa: ƙerarre ga namiji, ƙerarriya ga mace, ƙerarru ga jam'i.

Ɗafa-goshi ma- ya fi ban sha'awa, don ba ya tafiya shi kaɗai, sai da abokin tafiya a ƙeya. Ma- da -i su ba ka maƙeri, mai yin aikin. Ma- da -iya su ba ka maƙeriya, ma- da -a kuma maƙera. To, a nan ne gizo ke saƙa. Maƙera na nufin mutanen da ke ƙira, tana kuma nufin wurin da ake ƙirar, inda zuga-zugi da uwar maƙera suke. A rubuce iri ɗaya ne, amma kunne na rarrabewa. Idan mutane ake nufi, murya kan faɗi a gaɓar tsakiya sannan ta tashi. Idan wuri ne, gaɓoɓin uku duk a sama suke. Gwada da bakinka: "Maƙera sun tafi maƙera." Haka mahauta take, masu fawa da kuma wurin yanka.

Sai dai ɗafi ba a yin sa da ka. Wasalin i ko e kan sauya wasu baƙaƙen da ya biyo: t ta koma c, s ta koma sh, z ta koma j. Shi ya sa rubuta ke ba da marubuci, amma jam'insa marubuta, t ta dawo gidanta. Gasa ta ba da gasasshe da gasasshiya, amma gasassu. Mai koyon Hausa da ya ce "marubuti" bai yi wauta ba, ƙa'idar ya bi, wannan sauyin ne bai kai gare shi ba. A gari irin Minna, inda Gbagyi da Nufawa da sauran ƙabilu ke ciniki da Hausa a Kasuwar Kure, wannan wuri ne da ya kamata malami ya daɗe a kai.

Ba kowace ma ce ɗafi ba. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: cire ta, ka ga ko aikatau ya rage. Makaranta ta bar karanta, mabuɗi ya bar buɗe, to waɗannan ɗafi ne. Mangwaro fa? Babu abin da ya rage mai ma'ana, don haka kalma ce guda.

Akwai kuma iyakar da al'ada ta shata. Ba- kan ba da Bakano da Bakatsine da Banufe, amma mutumin Minna ɗan Minna ake ce masa, mutanenta 'yan Minna. Ƙa'ida ta ba da dama, bakin jama'a bai karɓa ba, kuma a ganina bakin jama'a ne alƙali.

Ga mai rubutu, abu biyu. Ɗafa-goshi a haɗe yake da kalmarsa: maƙeri, ba "ma ƙeri" ba, domin ma da ke zaman kanta wata kalma ce dabam, kamar a "shi ma ya zo". Idan saiwa da wasali ta fara, a sa alamar hamza: ma'aikaci, ma'auni. Malaman firamare kuma, ku ba yara aikatau ɗaya, kamar ɗinka ko saƙa, ku ce kowa ya fitar da kalmomi goma, ya kuma sa kowace a jimla.