Daga Murzuk zuwa Abdulkafi: Yadda takarda ɗaya ke raba yaran da rikici ya kora da makaranta a Sabha

Wanda ya shiga unguwar Abdulkafi a birnin Sabha yana neman sansanin 'yan gudun hijira irin na Maiduguri ko Diffa, mai jerin tantuna da allo a ƙarƙashin rumfa, zai sha yawo. A Libya yawancin mutanen da rikici ya raba da gidajensu haya suke kamawa, ko su raɓa da dangi, wasu kuma su shiga kangon da ba a gama ginawa ba. Sun saje da 'yan gari. Wannan ya rufa musu asiri, amma kuma ya sa da wuya a gane yaron da ya daina zuwa makaranta, tunda babu wani mai rajista a bakin ƙofa da zai lura cewa yau wata uku ke nan yana zaune a gida.

Sabha ita ce babbar alƙaryar yankin Fazzan, fiye da kilomita 700 kudu da Tarabulus, kuma duk wanda wuta ta kama a kudancin ƙasar nan yake fara nufa. An zo mata daga Ubari lokacin yaƙin Tubawa da Buzaye da ya ɓarke a 2014. An sake zuwa mata a watan Agustan 2019 daga Murzuk, tsohon zangon fataken Kano da Borno, bayan faɗa ya rincaɓe tsakanin Tubawa da mutanen garin da ake kira Ahali. Harin jirgin sama na ranar 4 ga Agusta ya kashe fiye da mutum 40, kuma cikin 'yan makonni sama da mutum dubu 16 suka bar garin. Daga Afrilun 2023 kuma sai ga 'yan Sudan, ko da yake mafi yawansu ta Kufra suke shigowa. Ita kanta Sabha ba ta tsira ba, ta ga nata faɗan a 2012 da 2014 da 2018.

A dokar Libya karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma dole: shida na firamare, uku na ƙaramar sakandare da suke kira i'idadi. A ƙarshen aji tara ake zana jarrabawar ƙasa, wadda sai da ita ake wucewa babbar sakandare. To ina gizo ke saƙa? A teburin rajista.

A ɗauki misalin yarinya da ta gama aji biyar a Murzuk a bazarar 2019, tana da shekara 11, iyayenta suka gudu da ita suka kama ɗaki a Abdulkafi. 'Yar ƙasa ce, tana da lambar ɗan ƙasa, wato lambar nan mai alƙaluma 12 da ke farawa da 1 ga namiji, 2 ga mace, sannan shekarar haihuwa ta biyo baya. Sunanta na cikin littafin iyali na mahaifinta. A ƙa'ida babu abin da zai hana ta shiga aji shida. Sai dai shugaban makarantar da aka kai ta zai nemi fayil ɗinta daga tsohuwar makaranta, da takardar sakamakon da ke nuna ta ci aji biyar. Fayil ɗin yana can cikin ofishin da aka garƙame, a garin da uban ba zai iya taka ƙafarsa ba. Murzuk ba ta wuce tafiyar kilomita 150 ko makamancin haka daga Sabha ba, amma a lokacin tamkar bangon duniya take.

Mafita biyu ce a irin wannan hali. Ko dai ofishin ilimi na yankin ya amince a karɓe ta na wucin gadi kafin takardu su iso, ko a yi mata gwaji a ga ajin da ya dace da ita. Dukkansu ana yi. Matsalar ita ce kowace na buƙatar uba ya yi ta sintiri tsakanin ofisoshi, a daidai lokacin da yake neman kuɗin haya kuma banki babu tsabar kuɗi. Da yawa sai su ce a bari tukuna, ai mun kusa komawa gida. Wannan "a bari tukuna" ita ce ta fi cin karatun yara, domin waɗansu iyalan Murzuk sun shafe shekaru kafin hanyar komawa ta buɗe.

Yaran 2019 kuma sun gamu da rashin sa'a a jere. Malamai sun shiga yajin aiki a ƙarshen shekarar, aka makara wajen buɗe makarantu. Ba a daɗe da komawa ba, a watan Maris na 2020 aka rufe su saboda korona. Darussan da aka koma bayarwa ta talabijin da intanet kuwa, sai mai wuta, ita ko wutar lantarki a kudu kowa ya san halinta. Saboda haka yarinyar da aka ce ta jira wata ɗaya tana iya wayar gari ta rasa shekara biyu cur.

Ga lissafin. Da komai ya tafi daidai, za ta zana jarrabawar aji tara a 2023 tana da shekara 15. Da ta rasa shekara biyu, sai 2025, tana da 17. Kafin nan za ta zauna a aji shida tana da shekara 13, ta fi kowa tsayi, kuma ta manta rabin abin da ta sani. A nan ake yawan rasa su. Namiji ya ga gara ya tafi gareji ko ya bi mota, mace kuma a ce zamanta a gida ya fi.

Masu wannan aiki sun bambanta magani gwargwadon ciwo, kuma kuskuren da aka fi yi shi ne haɗa su wuri ɗaya. Yaron da ya rasa 'yan watanni, darasin cike giɓi yake buƙata, na ɗan lokaci, sannan ya koma ajinsa na asali. Wanda ya rasa shekaru har ya girme wa ajinsa, sai karatun gaggawa, inda ake dunƙule manhajar shekara biyu ko uku a ɗan taƙaitaccen lokaci, a bar abin da ba dole ba, a riƙe karatu da rubutu da lissafi. Idan aka sa na biyun a ajin na farkon, zai gama makonninsa bai kamo kowa ba. Idan aka yi akasin haka, an ɓata wa yaro lokaci a banza.

Gane wanne ne wanne ba ya buƙatar dogon jarrabawa. Akwai gwajin baki da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta yaɗa, wanda ba ya wuce 'yan mintoci. A miƙa wa yaro gajeren sakin layi ya karanta. In ya iya, a ba shi ɗan labari daidai da na aji biyu. In ya kasa, a sauko zuwa kalmomi, in ya sake kasawa a sauko zuwa baƙaƙe. Haka a lissafi: gane lambobi, sannan debewa mai aro, sannan rabawa. Inda ya tsaya, nan za a fara koya masa, ko da shekarunsa sun ce shi ɗan aji bakwai ne. Yarinyar misalinmu tana iya karanta labarin tsaf amma ta tsaya a rabawa, wanda ke nuna ba ta buƙatar komawa baya gaba ɗaya, lissafin kawai za a ɗaga.

Wannan duk labarin mai lamba ne. A Fazzan akwai dubban iyalai, akasari Buzaye da Tubawa, waɗanda suka shekara da shekaru a ƙasar amma ba a kammala batun zamansu 'yan ƙasa ba. Abin da ke hannun da yawansu lambar wucin gadi ce ta gudanarwa. Yaransu kan samu shiga aji, amma cikas na jiransu a gaba, wajen fitar da takardar shaidar kammalawa da neman aiki. Idan irin wannan iyali ya yi gudun hijira, wahalar ta ninka, domin shugaban makarantar da ya san su, wanda ke ɗaga musu ƙafa, an baro shi a can.

Sai kuma namu. Sabha cike take da 'yan Nijar da 'yan Najeriya, leburori da masu gini da masu aikin gona, wasunsu da iyali. Ɗan baƙo ana neman fasfo ko takardar izinin zama ta uba, da takardar haihuwa, da sakamakon makarantar da ya baro. Mutumin da ya shigo ta Agadas da Gatrun a bayan mota, wanne zai nuna? Libya ta amince da yarjejeniyar kare haƙƙin yara tun 1993, amma ba ta sa hannu a ta 'yan gudun hijira ta 1951 ba, kuma dokarta mai lamba 19 ta 2010 ta mayar da shiga ƙasar ba izini laifi. Don haka uban da ba shi da takarda tsoron ofis yake yi, ko da ofishin makaranta ne.

Ko an karɓi yaron, akwai harshe. Ɗan Sudan da Larabci ya taso yana karatu, shi sauƙi ne. Ɗan Bahaushe da ya yi makarantar allo yakan ruɗi mai gwaji, domin zai karanta shafi da wasali daram, a ɗauka ya iya, alhali bai fahimci ko jimla ɗaya ba. Wanda ya san aiki, bayan karatun sai ya yi masa tambaya biyu a kan abin da ya karanta. Irin wannan yaro ajin koyon harshe yake buƙata kafin komai.

Waɗanda suka cike wannan gurbi su ne cibiyoyin da UNICEF ke tallafa wa da sunan Baiti, wato "gidana", a birane irin su Tarabulus da Sabha, inda ɗan ƙasa da ɗan baƙo ke zama aji ɗaya ba a tambayi takarda ba. Suna da amfani ƙwarai, amma suna da iyaka. Ba makarantar gwamnati ba ce, ba ta kai yaro zauren jarrabawar aji tara. Uban da ke son sanin ko cibiya na aiki, kada ya tsaya ga yawan yaran da aka yi wa rajista. Ya tambayi nawa daga cikin na bara ne yanzu ke da suna a rajistar makarantar gwamnati. Sannan irin wannan aiki a hannun wasu yake. A farkon Afrilun 2025 hukumar tsaron cikin gida ta Tarabulus ta sanar da dakatar da ƙungiyoyin agaji na waje guda goma, bisa zargin suna neman zaunar da baƙin haure a ƙasar. Ajin da ke dogaro da irin waɗannan ƙungiyoyi yana iya rufewa da sanarwa ɗaya.

Ga iyalan Nijar da suka koma gida, da kansu ko a jirgin hukumar kula da ƙaura ta duniya, akwai wata ƙofa da ba kowa ya sani ba. Nijar na da tsarin karatun gaggawa na wata tara ga yara masu shekara 8 zuwa 12: wata biyu na farko da harshen uwa, sauran bakwai da Faransanci, daga nan a yi gwaji a tura yaro aji huɗu na firamare, ko ƙasa da haka in bai kai ba. Yaron da aka dawo da shi daga Sabha zuwa Damagaram ko Maraɗi yana da shekara 10 zai shiga. Wanda aka bari har ya kai 14, wannan tsarin ya wuce shi, sai dai a nema masa cibiyar koyon sana'a.