Nahawun Da Ke Rikiɗa Ya Zama Na'ura

A 1956 Noam Chomsky ya karkasa nau'o'in nahawu gwargwadon ƙarfinsu. A ƙasan jerin da ya samo asali daga wannan aiki akwai nahawu mai miƙewa dama. Ƙa'idojinsa na da sharaɗi guda: kowacce na rubuta ƙananan haruffa, sannan ta bar babban harafi ɗaya tak a ƙarshen dama, ko kuma ba ta bar kome ba. Babban harafin alama ce ta aikin da ya rage. Ga nahawun da ke samar da duk kalmar da ta ƙare da `ab`:

```
S → aS | bS | aT
T → b
```

Don samun `bab`, sai a bi S → bS → baT → bab. Ka lura, a kowane mataki babban harafi ɗaya ne kawai ke jira, kuma shi kaɗai ya isa ya faɗi inda aka kwana. Haka ma na'ura mai iyakantattun matsayai take: tana karanta harafi bayan harafi, ba ta tuna kome sai matsayin da take ciki.

Shi ya sa juyin ba wuya. Kowane babban harafi ya zama matsayi. Ƙa'idar S → aT ta zama kibiya daga S zuwa T mai ɗauke da `a`. Ita kuwa T → b ba ta bar kowa a dama ba, don haka sai a ƙirƙiro matsayin karɓa, F, kibiyar `b` ta nufe shi. Sai dai daga S kibiyoyi biyu ne ke ɗauke da `a`, wato na'urar na da zaɓi. Ba matsala: Rabin da Scott sun nuna a 1959 cewa kowace irin wannan na'ura ana iya mayar da ita marar zaɓi.

Yanzu a juyo ta baya. A ce na'ura na da matsayai biyu, P da Q. Daga P ake farawa, a nan kuma ake karɓa. Harafin `a` na sauya matsayi, `b` na barin ta inda take, don haka tana karɓar kalmomin da adadin `a` ɗinsu ke rabuwa biyu daidai. Kowace kibiya sai ta koma ƙa'ida:

```
P → aQ | bP | ε
Q → aP | bQ
```

Alamar ε na nufin a tsaya ba tare da rubuta kome ba, kuma matsayin karɓa ne kaɗai ke samun ta. Nan ɗalibai suka fi yin tuntuɓe. In aka manta da ita, babban harafi ba zai taɓa ɓacewa ba, nahawun kuma ba zai haifar da ko kalma ɗaya ba.

Amma abin na da iyaka. Nahawun S → aSb | ε ya sa babban harafi a tsakiya, yana samar da `ab`, `aabb`, `aaabbb`, har illa masha Allahu. Gane irin waɗannan kalmomi na buƙatar ƙirga marar iyaka, matsayan na'urar kuwa ƙidayayyu ne. Babu na'ura irin wannan da za ta iya.