Kafin A Sa Hannu A Takardar Kaya

A gidajen abinci da otal-otal na Kano, aikin rana yakan fara ne daga ƙofar baya. Da sassafe adaidaita-sahu ke tsayawa da nama daga kwata, wata motar ta sauke katan-katan na kifin ƙanƙara, ga kwandunan tumatir da attaruhu daga kasuwar 'Yan Kaba. Kowane mai kawo kaya sauri yake yi, takarda a hannu yana neman a sa masa hannu ya wuce. Amma da zarar mai kula da sito ya sa hannun nan, duk aibin da ke cikin kayan ya zama na gidan.

Shi ya sa gogaggen mai karɓar kaya yake farawa da abin da ba ya jira, wato sanyi. Naman da aka ce daga firji ya fito bai kamata ya wuce digiri 5 a ma'aunin Salshiyos ba, daskararren kaya kuwa ana son sa a digiri 18 ƙasa da sifili. Tsakanin digiri 5 da 60 ne ƙwayoyin cuta ke hayayyafa da sauri, zafin Kano na watan Afrilu kuwa yana tsakiyar wannan zango. Taɓawa da hannu ba ta isa ba. Ana soka tsinken ma'aunin zafi a wuri mafi kauri na naman, idan kuma kayan a daskare suke, sai a cusa shi tsakanin leda biyu a jira lambar ta tsaya. Shi kansa ma'aunin ana gwada shi cikin kofin ƙanƙara da ɗan ruwa, ya nuna sifili.

Naman kwata da aka yanka da asuba lamarinsa daban ne, domin da ɗuminsa yake isowa. A nan tambayar ita ce ƙarfe nawa aka yanka. Naman sa mai kyau ja ne, ba ya yauƙi, ba ya tsami, idan aka danna shi da yatsa yakan dawo. Irin wannan ba a barinsa a kan tebur: ko tukunya ko firji, nan take.

Kifin ƙanƙara ya fi kowanne iya ɓoye aibinsa. Wuta ta ɗauke a ɗakin sanyi, kifi ya saki, wuta ta dawo ya sake daskarewa, ya iso da tauri kamar dutse. Katan ɗin ne ke tona asiri. Idan kwalin ya jiƙe ya bushe ya bar shatin ruwa, ko aka ga jini ya taru ya daskare a gindin leda da manyan dunƙulen ƙanƙara, to kifin ya taɓa narkewa. Ga titus da sardin wannan ba ƙaramin abu ba ne. Idan suka daɗe cikin ɗumi, wani sinadari mai suna histamin yakan taru a namansu, kuma suya ko dahuwa ba ta kawar da shi. Wanda ya ci, cikin ɗan lokaci fuskarsa ta yi ja, ga ƙaiƙayi da ciwon kai. Ɗanyen kifi irin ƙarfasa kuma idonsa ake dubawa, ya kasance garau a cike, sannan a ɗaga murfin gefen kansa a ga cikin jajir.

Bayan nan sai sikeli. A ce an yi odar nama kilo 40, aka ɗora shi cikin robarsa allura ta tsaya cif a kan 40. Idan robar ita kaɗai kilo 2 ce, naman kilo 38 ne. In kilo yana naira 7,000, an biya naira 14,000 kuɗin roba ke nan, kuma gobe ma haka. Maganinsa a fara auna abin zubawar babu komai a ciki, a tsiyaye ruwa da jini, a duba kada ƙashi da kitse su wuce abin da aka yi ciniki a kai.

Kwandon tumatir kuwa samansa ado ne. Nauyin na sama yana danne na ƙasa tun daga gona, don haka juye shi ake yi gaba ɗaya a faranti mai faɗi, a ware fasassu da masu ƙananan hujin tsutsa. Kabeji a ɓare ganyen waje, latas da alayyafo a duba ko an jiƙa su ne don su ƙara nauyi.

Abin da aka gani a rubuta shi a takardar gaban mai kawo kayan: lokaci, nauyi, digiri, da abin da aka mayar da dalilinsa. Gibin nauyi ana iya sasantawa a rage kuɗi. Nama ko kifin da sanyinsa ya karye kuwa, komai ragin da aka yi, a mayar wa mai shi a motar da ta kawo shi.