Gargaɗi Ga Jama'ar Birnin Zariya: Masu Dogara Da Waya Wajen Shan Magani, Ku Duba Saitin Batir A Yau

Wannan kira ne na gaggawa ga mazauna cikin ganuwar birnin Zariya, tun daga Ƙofar Doka har Ƙofar Gayan, musamman masu jinyar iyaye da duk wanda ya ɗora wa manhajar waya alhakin tuna masa lokacin shan magani. Idan kana kunna tsarin tsimin batir a wayarka ta Android, tunatarwar da ka saita tana iya makara da mintoci, tana iya makara da fiye da awa, wani lokacin ma ta ƙi zuwa sam. Wayar ba ta lalace ba, kuma ba laifin sabis ba ne. Gyaran bai wuce aikin minti biyar ba, amma a yi shi kafin a kwanta barci a daren yau.

Kowa ya san halin da ake ciki da wutar lantarki. Wanda ya biya kuɗi a shagon caji ba zai so batir ya zuba a banza ba, shi ya sa da ya ga caji ya yi ƙasa sai ya danna Battery Saver ko Power Saving, wasu ma ba sa kashe shi ko kaɗan. To, yadda waya ke tsimin batir shi ne ta hana manhajojin da ba a buɗe suke ba yin aiki a bayan fage. Manhajar tuna magani kuwa a bayan fagen take duk aikinta: tana kwance shiru har lokaci ya yi, waya ta tashe ta, ita kuma ta yi ƙara.

Ko ba ka kunna komai ba, Android na da nasa tsimin. Tun daga Android 6 da ya fito a 2015 akwai tsarin da ake kira Doze. Idan an ajiye waya wuri guda, fuskarta a kashe, ba a jona ta a caji ba, sai ta shiga barci mai nauyi. A wannan hali tana tara tunatarwa irin ta gama-gari ta ajiye, sai ta ɗan farka ta sake su gaba ɗaya, kuma tazarar farkawar tana ƙaruwa muddin ba a taɓa wayar ba. Shi ya sa tunatarwar asuba ta fi kowace shan wahala. A kan wannan kuma kamfanonin waya suka ƙara nasu matakan, waɗanda ke iya rufe manhaja ɗungurungum.

A ɗauki misalin dattijuwa a Unguwar Juma da aka rubuta wa maganin da za ta riƙa sha ƙarfe shida na safe. Jikarta ta sauke manhajar tunatarwa a Tecno, ta gwada da rana wayar na hannunta, ta ji ƙara daidai lokaci, hankalinta ya kwanta. Da dare aka ajiye wayar a gefen katifa da caji kashi ashirin cikin ɗari, tsimin batir a kunne. Ƙarfe shida ya yi, shiru. Sai wajen bakwai da rabi da yarinyar ta ɗauki wayar ta kunna fuskarta, nan take sanarwar ta faɗo tare da saƙonnin da suka kwana a hanya. Wannan ita ce babbar alama: in tunatarwa na zuwa ne daidai lokacin da ka ɗauki waya ko ka jona caji, to tsimin batir ne ya riƙe ta. In kuwa tana bayyana a kan lokaci amma ba ƙara, matsalar daban ce, a duba ƙarfin sauti da Do Not Disturb.

Ga yadda za a gyara. A shiga Settings, sai Apps, a zaɓi manhajar tunatarwar, a taɓa Battery. A wayoyin da suka fito a shekarun nan za a ga zaɓi uku: Unrestricted, Optimized da Restricted. A mayar da shi Unrestricted. A tsofaffin wayoyi kuma a nemi Battery optimization, a sa manhajar a kan Don't optimize. Manhajar maganin kaɗai za a yi wa haka, da ta lokutan salla in ana amfani da ita. In aka buɗe wa kowace manhaja ƙofa, batir ba zai kai la'asar ba, kuma hakan ne ke sa mutane su koma su rufe komai.

Akwai mataki na biyu da ake yawan tsallakewa. Daga Android 12 na 2021 an ƙirƙiro izini na musamman mai suna Alarms & reminders, wanda ke ba manhaja damar yin ƙara a daidai minti. A Android 14 na 2023, yawancin manhajojin da aka sauke sabo suna zuwa da wannan izini a kashe. Ana samun sa a ƙarƙashin Special app access. Wanda ya sayi sabuwar waya ya ga manhajar da ya saba da ita ta fara makara, nan ya kamata ya fara dubawa. A tabbatar kuma Notifications na manhajar a kunne yake.

Sai abin da kamfanin wayar ya ƙara. A Tecno da Infinix, waɗanda suka fi yawa a hannun jama'armu, a buɗe Phone Master a nemi Auto-start management a ba manhajar izini, kuma kada a jefa ta cikin Freezer. A Samsung a duba Background usage limits, a cire ta daga Sleeping apps da Deep sleeping apps. A Redmi a kunna Autostart, a sa batirinta a No restrictions. Sunayen sukan ɗan sauya daga waya zuwa waya, don haka in ba a gani ba a rubuta kalmar a gurbin bincike na Settings.

Ina roƙo a daina danna maɓallin sharar waya barkatai. Wannan ɗabi'a ta goge duk manhajojin da ke buɗe, ko danna Force stop, tana da illa. Force stop yana soke tunatarwar da manhaja ta ajiye, ba za ta dawo ba sai an sake buɗe manhajar da hannu. Haka ma Ultra Power Saving: ƴan manhajoji kaɗan yake bari su yi aiki, kada a kwana da shi a kunne in akwai maganin asuba.

Gwajin rana ba ya nuna komai. A saita tunatarwa ta tsakar dare ko ta asuba, a cire caji, a ajiye wayar kada a taɓa ta, a ga ko za ta yi ƙara a daidai minti. Kafin a tabbatar, har ma bayan an tabbatar, a saita ƙararrawa ta biyu a manhajar Clock da ta zo da wayar, domin Doze ba ya jinkirta irin wannan ƙararrawa. Sai dai ita ma ba ta da abin yi in batir ya mutu, don haka kada a kwanta da cajin da ba zai kai safiya ba.

Ga masu farfaɗiya, tarin fuka, ciwon suga ko hawan jini, lokacin shan magani ba abin sakaci ba ne. Wanda ya gano ya tsallake shan magani kada ya ninka na gaba da ra'ayin kansa. Ya tuntuɓi likita ko mai ba da magani a inda yake karɓa, ko asibitin Gambo Sawaba ne a Ƙofar Gayan ko asibitin koyarwa na Shika.

Matasa masu ilimin waya, ku karɓi wayoyin iyayenku da kakanninku ku duba musu a yau. Masu shagunan caji da masu gyaran waya, ku faɗa wa duk wanda ya zo wurinku. Wanda ya karanta ya sanar da wanda bai karanta ba. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.