Yadda hannun manomin albasa ke tsallake wata uku a labari

Matasa masu rubuta gajeren labari, da masu ɗaukar gajeren fim da waya a Jega da Aliero da Maiyama, duk a wuri guda suke cin tuntuɓe: yadda za a gane lokaci ya shuɗe. Mai fim sai ya baƙanta allo ya rubuta "Bayan wata uku". Marubuci kuma ya jawo "kwanci tashi" ko "ana nan ana nan", gadon tatsuniya. Ba laifi ba ne, amma labarin shafi huɗu in aka yi masa haka sau biyar, ya zama kalanda.

Akwai dabarar da masu tace fim suka daɗe da ita. A rufe fitowa da wani abu, a buɗe ta gaba da mai kama da shi a siffa ko a motsi, sai ido ya haɗa su, hankali kuma ya cike giɓin. Misalin da aka fi ambato shi ne na Stanley Kubrick a fim ɗinsa na 1968, inda aka cilla ƙashi sama, hoton da ya biyo baya kuma ya zama na'ura mai tsawo irin na ƙashin tana shawagi a samaniya. Miliyoyin shekaru a ƙiftawar ido.

Mu sauko gida. Aliero garin albasa ne, don haka a ce labarinmu na wani saurayi ne da ya ci bashi ya yi noman rani don ya tara kuɗin aure. Fitowar farko ta ƙare da sanyin hunturu: ya tsuguna a bakin fangali, ya danna ɗan dashe cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa da babban yatsa, ganyen siriri kamar tsinke, iska na kaɗa shi. Sai marubuci ya bar layi guda fari. Jimlar gaba ta soma da hannun nan dai, a fangalin nan dai, sai dai yanzu tumɓukewa yake yi, ƙasa ta bushe, ganye ya kwanta, kan albasar ya cika masa tafi, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Ba a ambaci wata ba, amma duk wanda ya san noman rani ya san an bar sanyi an shiga bazara.

Abin da ya sa wannan ya yi aiki shi ne abu guda ya tsaya, wato hannu da fangali, sauran kuma suka sauya. In komai ya sauya, sabon wuri da sabon mutum da sabon aiki, mai karatu zai ɗauka wani labari aka soma. In kuwa babu abin da ya sauya sai kalma ɗaya, zai ɗauka ranar ce dai ba ta ƙare ba. A takarda, maimaita sunan abin shi ne igiyar: in "hannu" ya rufe sakin layi, "hannu" ya buɗe na gaba, kada a musanya shi da wata kalma don ado. A waya kuwa, dole girman hannun a allo da ɓangaren da ya fito su zama ɗaya a ɗauka biyun, kuma a yanke ana tsakiyar motsi. Wanda ya ɗauki dashe daga dama, cira kuma daga hagu, ya yi asarar wahalarsa, kuma `Cross Dissolve` ba zai rufa masa asiri ba.

Dabarar tana da iyaka. Tana nuna lokaci ya wuce, ba ta faɗin nawa. Albasa ce ta ƙirga mana watanni, domin an san kwanakinta. Da hannun yaro ne a kan allon karatu ya rikiɗe ya zama hannun magidanci a kan sitiyarin tirela, sai an ƙara wata alama, furfura ko ɗan da ke kiransa Baba, kafin a san shekara goma ce ko ashirin. Kuma a kula da yanayi: wanda ya sa hazo da rigar sanyi ranar da ake zuba albasa a rudu, mutanen Aliero za su kama shi tun a layin farko.

Tafiya daga Maiyama zuwa kasuwar Jega ba ta buƙatar duk wannan. Jimla ɗaya ta isa: ya hau mota, ya sauka cikin hayaniyar 'yan dako. Irin haɗin nan a ajiye shi don babban tsalle, inda rayuwar mai labarin ta juya, sau ɗaya ko biyu a labari.

Mai son gwadawa, ya ba wani labarin ba tare da bayani ba, ya tambaye shi wata nawa suka wuce tsakanin sakin layin biyu. In ya yi jim, a koma a gyara.